Yadda na sa kamfanin inshora ya sake buɗe fayil ɗin motata da aka sace a Gombe

Wasiƙar da kamfanin ya aiko min ba ta kai rabin shafi ba. Sun ce sun duba buƙatata ta biyan diyyar motar da aka sace, kuma ba za su biya ba saboda dalilai uku: ban sanar da su a kan lokaci ba, ban kawo takardun motar na asali ba, sannan makulli ɗaya kawai na miƙa. Daga nan sai gaisuwar ban kwana, har da godiya wai da na zaɓe su.

Motar Korola ce, 'yar Beljiyam, na saye ta a Kano da bashin ƙungiyar adashen ma'aikata ta wurin aikinmu. Su ne suka wajabta cikakkiyar inshora, ba irin ta naira 15,000 da ake yi don nuna wa jami'ai a hanya ba. An ƙiyasta motar a naira miliyan 6, na biya kashi 5 cikin ɗari, wato naira 300,000 a shekara. A 2024 aka ɗauke ta a wajen wani ɗaurin aure a Tudun Wada, ina ciki ana shafa fatiha. Takardunta duka suna aljihun gaba: lasin mota, shaidar mallaka, takardar ingancin hawa titi, takardar kwastam, rasit ɗin saye. Ina kuma za su kasance? Duk mai bin hanyar Gombe zuwa Bauchi ya san ba a wuce shingen bincike da labarin cewa takardu suna gida cikin akwati.

Abin da ya fi cin raina har yau shi ne rahoton 'yan sanda na farko. A daren da abin ya faru na je ofishinsu na ba da bayani, aka rubuta lambar mota, launi, wurin da na ajiye ta da lokaci. Babu wanda ya tambaye ni me ke cikin motar, ni ma a lokacin hankalina yana kan ƙarfen ne. Saboda haka takardar da aka ba ni ta ce an sace mota, ba ta ce an sace takardu ba. Wannan giɓin na layi ɗaya kamfanin ya riƙe. A wajensu, mutumin da ya ce mota ta ɓace amma bai iya kawo takardunta da makullinta na biyu ba, yana iya yiwuwa sayar da ita ya yi da takardun, sannan ya zo neman kuɗi. Ba su faɗi haka a wasiƙar ba, amma abin da jumlar take nufi ke nan, kuma sai da na gane hakan na san irin amsar da zan rubuta.

Rubutuna na farko shafi huɗu ne na zafin rai. Na kai wa ƙanwar matata, lauya ce, ta karanta ta ajiye.

"Yaya, wanda zai karanta wannan ba shi da ikon biyanka don ya tausaya maka," in ji ta. "Takarda yake nema da zai sa a fayil ya kare kansa a gaban shugabansa. Dalili uku suka ba ka, ka ba su amsa uku, kowace da shaidarta a maƙale."

Muka yar da shafukan. Kafin a sake rubuta komai sai da na tattaro shaidun, domin wasiƙar da ta ce "zan kawo" ba ta motsa kowa.

Maganar jinkiri ita ce mafi sauƙi. Takardar yarjejeniyata ta ba da kwana 30 a sanar da kamfani a rubuce. Ni kuwa washegari da safe na kira wakilinsu da ya yi min inshorar, na tura masa hoton takardar 'yan sanda ta WhatsApp, ya amsa da cewa zai shigar. Bai shigar ba sai bayan wa'adin ya wuce. Na buga hirar tamu a takarda, da kwanan wata da lambar wayarsa suna fitowa sarai, na haɗa da rasit ɗin kuɗin inshorar mai ɗauke da sa hannunsa da tambarin kamfanin, don kada a ce ba su san shi ba. A wasiƙar sakin layi ɗaya ya wadatar.

Takardun ne suka sha ni. Hanyar da ta yi aiki ita ce, kowace takarda da ta ɓace in koma inda aka fara fitar da ita. Na fara komawa ofishin 'yan sanda na ba da ƙarin bayani cewa takardun suna cikin motar, aka ba ni takardar shaidar ɓatan takardu daban. Da ita na je babbar kotu na yi rantsuwa a gaban kwamishinan rantsuwa. A nan ma akwai tarko: masu buga takardu a bakin kotu suna da rubutu ɗaya da suke ba kowa, "na ɓatar da takardun motata," shi ke nan. Irin wannan ba ya amfani. Tawa ta lissafa takardun ɗaya bayan ɗaya, ta kawo lambar mota, lambar casis da lambar inji, ta ce suna aljihun motar a lokacin da aka sace ta, ta kuma faɗi ranar da wurin daidai da yadda suke a bayanina na farko ga 'yan sanda. Idan a can ka ce ƙarfe biyu da rabi, a nan ka ce wajen la'asar, ka ba su dalili na huɗu da hannunka.

Ofishin lasin ya fitar min da bayanin rajistar motar daga na'urarsu, aka buga tambari aka sa hannu. Takardar kwastam da rasit kuwa, dillalin Kano yana da kwafi a fayil ɗinsa, ya kuma rubuta min gajeriyar wasiƙa a kan takardar shagonsa cewa shi ya sayar min da motar, a kan kuɗi kaza, kuma da makulli ɗaya ta iso hannunsa. Na haɗa da takardar banki da ke nuna kuɗin da ƙungiyarmu ta tura masa.

Sai kuma abin da ban yi tsammani ba. Sakataren ƙungiyar ya ciro fayil ɗin bashina, sai ga kwafin duk takardun, har da rahoton duba mota da kamfanin inshorar da kansa ya yi kafin ya karɓi kuɗina. Ma'aikacinsu ya ɗauki hotunan motar, ya ga takardun na asali, ya sa alama, kuma a gurbin makullai ya rubuta 1. Wato duk abin da suke tuhumata a kai yana cikin ofishinsu tun ranar farko. Na daɗe ina kallon wannan lambar.

Wasiƙar da Turanci aka rubuta ta, shafi ɗaya da rabi, zuwa ga shugaban sashen biyan diyya a hedikwata, da kwafi ga reshensu. A kai akwai lambar yarjejeniya, lambar buƙatar diyya, lambar mota, da kwanan watan wasiƙarsu ta ƙin biya. Jumlar farko ta faɗi abin da nake so kai tsaye: a janye shawarar, a sake duba buƙatar bisa sababbin shaidun da na haɗa. Sashen takardun, in na juya shi da Hausa, ga yadda yake:

"Ba zan iya kawo takardun asali ba domin an sace su tare da motar. Bayanina na farko ga 'yan sanda bai ambaci wannan ba, saboda ba a tambayi abin da ke cikin motar ba. Na ba da ƙarin bayani daga baya, ga shi a shaida ta 3, ga rantsuwar kotu a shaida ta 4. A madadin kowace takarda na haɗa kwafi daga inda aka fitar da ita. Ma'aikacinku ya ga na asalin a ranar duba motar, kamar yadda rahotonku ya nuna a shaida ta 8."

Na so in tsallake maganar cewa rahoton farko bai ambaci takardun ba. Lauyar ta hana. Ta ce sun riga sun gani, in na yi shiru zai zama kamar ina ɓoyewa, gara ni in fara faɗa in ba da dalili a layi ɗaya in wuce. Haka ma rahoton ƙarshe na 'yan sanda, wanda ke tabbatar da cewa an bincika ba a gano motar ba: bai fito ba a lokacin, sai na rubuta cewa na nema, ga shaidar nema, kuma ina roƙon a bar fayil ɗin a buɗe har ya fito. Makulli kuwa jumla biyu: da ɗaya na saye ta, ga wasiƙar dillali, ga rahotonku.

Doka sau ɗaya muka ambata. Sashe na 55 na Dokar Inshora ta 2003, wadda ke aiki a lokacin, ya hana kamfani fakewa da saɓa wani sharaɗi idan sharaɗin ba shi da alaƙa ta haƙiƙa da asarar da aka yi. Rashin makulli na biyu da bai taɓa wanzuwa ba, ba shi ya jawo aka sace motar ba. An sa hannu a kan sabuwar dokar inshora a 2025, don haka mai rubuta irin wannan wasiƙa yanzu ya nemi lauya ya duba masa sashen da ya dace kafin ya kawo lamba. A ƙarshe na nemi amsa a rubuce cikin mako biyu, na ce in ba a warware ba zan kai koke ga NAICOM, hukumar da ke sa ido a kan kamfanonin inshora. Layi ɗaya ne, babu barazana, babu maganar 'yan jarida.

Ban sake ba wakili komai ba. Na kai kwafi biyu reshensu da kaina, na tsaya har aka buga tambarin karɓa da kwanan wata a kan nawa, sannan na tura duka ta imel zuwa hedikwata a ranar. Takardun rantsuwa da na 'yan sanda kwafi na ba su, na asalin suna hannuna sai da aka zo biya.

Ba su amsa a mako biyun ba. Sai da na aika tunatarwa mai ɗauke da hoton tambarin nan, sannan suka turo mai bincike ya zo Gombe, ya je wurin da aka ɗauke motar, ya kira dillalin Kano, ya maimaita min tambayoyin da wasiƙar ta riga ta amsa. Da rahoton ƙarshe na 'yan sanda ya fito, sai suka aiko da tayin biya: miliyan 6, a cire kashi 10 cikin ɗari da yarjejeniyar ta ɗora a kaina a asarar sata, saura naira miliyan 5 da dubu 400. Wannan cirewar tana rubuce tun farko, babu abin ja a kai. Abin da ke min ciwo shi ne watannin da aka ɓata saboda layin nan ɗaya da ba a rubuta a ofishin 'yan sanda ba, domin a tsakanin nan kuɗin mota ya tashi, kuma ana ci gaba da cire bashin daga albashina ina hawa Keke Napep zuwa aiki.

Kafin su saki kuɗin na sa hannu a takardar sallama da wata da ke cewa in an gano motar ta zama tasu, na bar musu makullin ɗayan. Ƙungiya ta fara cire ragowar bashinta, abin da ya rage bai kai kuɗin wata Korola irin waccan ba.