Abin da aka yanke daga takardar masu tsayawa

Ƙarshen watan nan nake barin kamfanin, kuma tun da wanda zai karɓi kujerata shi zai gaji tarin takardun yarjejeniyar adaidaita sahu, gara in faɗi abin da na sani tun ban manta ba. Duk wanda ya yi aiki a wuraren da ake ba direbobi keke su riƙa biya kaɗan-kaɗan har ya zama nasu ya san tsohuwar takardar: shafi goma sha wani abu na Turancin lauyoyi, jimla ɗaya ta cinye rabin shafi, direba ya dangwala bai san me ya ɗaukar wa kansa ba. Aka ce in sauƙaƙa ta, in yi ta da Hausa da Turanci mai sauƙi, kuma sabuwar ita za a riƙa sa wa hannu. Wannan na ƙarshen shi ne abin lura. Da zarar an sa hannu, tsohuwar ta tashi daga aiki, kuma sashe na 128 na Dokar Shaida ta 2011 ba ya barin mutum ya zo kotu da baki ya ƙara abin da babu a rubuce, sai a ƴan wuraren da dokar ta keɓe.

Yadda nake yi shi ne, kafin in rubuta komai sai na kwance kowane sharaɗi gunduwa-gunduwa: wa aka ɗora wa, me zai yi, dole ne ko zaɓi, zuwa yaushe, me ke tayar da shi, wane togaci aka yi, me zai biyo baya in bai yi ba. Sharaɗin masu tsayawa na tsohuwar takarda jimla ɗaya ce, amma da na kwance ta sai ga alkawari uku a ciki. Kowane ɗaya daga cikin mutum biyun da suka tsaya wa direba ya ɗauki bashin gaba ɗaya, kamfani na iya bin wanda ya ga dama a cikinsu ko ya haɗa su. Kamfani ba sai ya fara kai direba ƙara ko ya sayar da keken ba kafin ya nemi kuɗinsa a wurinsu. Sannan ko an ƙara wa direba lokaci ko an sassauta masa biya ba tare da an tambaye su ba, suna nan daram a kan alkawarinsu. Na rubuta su jimla uku gajeru, kowace a layinta, ina yi wa mai tsayawa magana kai tsaye da "kai".

Da na kai wa oga, sai ya ɗauki biro ja. Shi abin da yake so shafi biyu ne, domin ya riga ya faɗa wa masu kamfani haka.

"Kai Malam, wannan ai ka maimaita abu ɗaya ne sau uku."

"Ranka ya daɗe, abu uku ne daban. In aka cire ɗaya, an yafe wani haƙƙi."

"Lauya ne kai? Sauƙi aka ce maka."

Ya soke su, ya rubuta a gefe: "Idan direba ya kasa biya, mutum biyun da suka tsaya masa za su raba bashin su biya." Gaskiya jimlar ta fi tawa daɗin karantawa. Na rubuta masa ƴar takarda cewa a nuna wa lauyan kamfani kafin a buga, ya ce kuɗin lauya daga aljihuna zai fito?

Ga yadda ta kaya. Wani direba ya ɓace da keke, saura naira dubu 900 a kansa. Ɗaya daga cikin masu tsaya masa ba shi da ko sisi, ɗayan kuma ɗan kasuwa ne mai rumfa. Da tsohuwar takarda ce, ɗan kasuwar zai biya dubu 900 cif, shi kuma ya je ya nemi rabi a wurin abokin tsayuwarsa. Lauyansa ya karanta sabuwar ya ce "raba" aka rubuta, saboda haka dubu 450 ce iyakar nasa. Ya ƙara da cewa "ya kasa biya" ba ɗaya ba ne da "bai biya ba", a nuna masa inda aka bi direban aka tabbatar ya kasa. Mafi ciwo shi ne na ukun. Ashe a baya ofis ya amince a rubuce ya ɗaga wa direban lokacin biya, ba a sanar da kowa ba. Ƙa'ida ce tsohuwa cewa in mai bin bashi ya ɗaure kansa da ƙara wa wanda ake bi lokaci ba da yardar mai tsayawa ba, mai tsayawa ya kuɓuta, sai dai in takarda ta faɗi akasin haka. Layin da ya faɗi akasin hakan shi ne wanda biro ja ya bi ta kansa. Kuma inda magana ta ɗauki ma'ana biyu, kotu kan fassara ta a kan wanda ya rubuta takardar, wato mu. Kamfani ya karɓi abin da ya samu aka rufe magana.

A taron da aka yi bayan nan, sunana aka kira, tun da ni ne a kan fayil ɗin. Oga yana zaune bai ce uffan ba. Ƴar takardar da na rubuta masa ba a same ta a fayil ba, amma ina da kwafina, kuma ban fito da shi ba don na san a lokacin fitar da shi daidai yake da ajiye aiki.

Tun daga nan ba na miƙa sharaɗin da na sake rubutawa sai na gwada shi da labari. In ƙirƙiro direban da ya mutu, da wanda ya makara kwana ɗaya, da keken da ya ƙone, in tambayi tsohuwar takarda wa zai biya, nawa, yaushe, sannan in tambayi sabuwar. In amsoshin suka bambanta ko da naira ɗaya ko yini ɗaya, to ba sauƙaƙawa na yi ba, sabon ciniki na ƙulla. Minti kaɗan gwajin nan yake ci, kuma da an yi wa jimlar oga, labarin farko zai kayar da ita.

Amanar ba ta kamfani kaɗai ba ce. Tsohuwar takarda ta ce kamfani na iya ƙwace keke duk lokacin da aka tsallake biya, alhali Dokar Haya da Saye ta 1965 ta ce in an biya kashi uku cikin biyar na kuɗin abin hawa, sai ta hanyar kotu, ban da ɗan togacin da ta yi. A keken miliyan 3, wannan shi ne miliyan 1 da dubu 800. Zuciya za ta ce ka gyara sharaɗin a ɓoye don tausayin direba. Kada ka yi. Rubuta shi da zafinsa kamar yadda yake, ka kai wa lauya maganar a takarda daban, shi ya yanke.

Sauran ƙanana ne. "Zai iya" da "dole ne" kada su yi musayar wuri. Kwana 14 daga ranar da aka miƙa sanarwa ba a mayar da shi "mako biyu" kawai, domin an zubar da ranar fara ƙirge, kuma a duba ko kwanakin aiki ake nufi. In ka kira mutum "direba" a shafi na farko, kada ya koma "mai haya" a na uku. Wanda ba ya karatu a karanta masa da harshen da yake ji, a rubuta hakan a ƙasa da sunan wanda ya karanta masa.

Yanzu an mayar da layukan nan uku cikin takardar, kalma da kalma kamar yadda na fara rubuta su, kuma an ce lauyan waje ne ya kawo gyaran. Takardar ta koma shafi huɗu.