Godiya bayan an gyara mana fayif ɗin banɗaki

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillah yoyon nan da ya hana mu sakat ya tsaya, na ga ya kamata in fito in yi godiya a fili.

Farko dai maƙwabcina Malam, Allah ya saka da alheri. Ni danshi kawai na gani a bangon ɗaki, fenti yana kumbura yana ɓarewa, gashi ba damina ba. Shi ya ce mu cika tanki mu rufe duk famfunan gidan mu yi alama da alli, da asuba muka duba ruwa ya sauka sosai alhali ba wanda ya taɓa, washegari muka rufe bawul ɗin da ke kai ruwa banɗaki, ruwa bai motsa ba. Nan muka san fayif ɗin cikin bangon banɗaki ne.

Sai yayata da ta zauna muka rubuta wa Alhaji mai gida takarda, ta ce magana ta waya mantawa ake yi. Bayan gaisuwa muka sa kwanan wata da lambar ɗaki, muka faɗi lokacin da danshin ya fara da gwajin tankin da muka yi, sannan muka rubuta ɓaro-ɓaro cewa ruwan ya kusa kai wa soket kuma akwai yara a ɗakin, shi ya sa muka kashe wutar ɓangaren. Wallahi wannan layin shi ne ya fi komai nauyi. Muka roƙi a turo mai gyara cikin kwana 3, in kuma Alhaji bai samu sarari ba ya ba mu izini a rubuce mu gyara da kuɗinmu a cire a kuɗin haya, za mu kawo rasit. Ba zagi ba barazana. Muka ba mai kula da gida kwafi ya sa hannu a namu, hoton takardar da na bangon kuma muka tura ta WhatsApp.

Alhaji, Allah ya ƙara arziki ya ja kwana. Da kanku kuka kira, kuka ce ai ginin ku ne yake lalacewa, kuka turo mai gyaran famfo kuka biya komai.

Shi ma mai gyaran na yaba masa, bai rushe bango gaba ɗaya ba, tayil kaɗan ya cire ya samu gwiwar fayif ɗin rabin inci ta tsage, ya yanke ya sa sabuwa da gam, ya bari ta kama tukunna ya saki ruwa muka gani ba ɗigo kafin ya mayar da siminti. Fenti kuma ya ce a jira bango ya bushe sarai in ba haka ba zai sake ɓarewa.

Matan gidan da suka riƙa ba mu ruwa a jarka lokacin da bawul ke rufe, Allah ya raya muku zuri'a, amin.