Sharhin hukunci: kotu ta ce, to kai me ka ce?

Ɗan ƙanwata da ke karatun lauya ya zo hutu Gombe, ya same ni a ofishina da ke Jekadafari da shafi takwas a hannu. Wai sharhi ya rubuta a kan shari'ar Ukeje da Ukeje, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 2014. Na karanta shafi bakwai: Lazarus Ukeje ya rasu a 1981 bai bar wasiyya ba, matarsa da ɗansa suka karɓi takardar kula da dukiya, Gladys ta kai ƙara a Legas ta ce ita ma 'yarsa ce. Sai a ƙarshen shafi na takwas ya ce hukuncin "ya yi daidai kuma abin yabo ne". Na ce, "To kai ina naka?" Ya ce, "Kawu, ni wa zan ce wa Kotun Ƙoli ta yi kuskure?"

Amsar da na ba malaminmu ke nan lokacin ina ɗalibi. Na kwana ina kwafe hujjojin mai ƙara da na wanda ake ƙara, na jera abin da kowane alƙali ya faɗa, rubutu tsaf kamar na magatakarda. Takardar ta dawo da jan biro a gefe: ina ra'ayinka? Na yi fushi ƙwarai. Har yau ina ganin ba laifina ba ne ni kaɗai. An tashe mu a kan cewa yaro ba ya ja da babba, kuma a zamaninmu kundin rahoton shari'a ɗaya muke layi a kansa a laburare, wanda ya samu ya kwafe ma ya yi ƙoƙari. Amma gaskiya tsoro ne. Taƙaitawa ba ta da haɗari, ba wanda zai ce ka yi kuskure tunda ba ka ce komai ba. Wannan tsoron ya bi ni har aiki. Akwai ranar da alƙali ya tambaye ni ko maganar da na ɗauko daga wani hukunci ita ce ginshiƙinsa ko kuwa maganar gefe ce, na tsaya ina juya takardu.

Ga abin da yake kwance a Ukeje wanda yaron bai taɓa ba. Yawancin gardamar a kan ko Gladys 'yar mamacin ce aka yi ta, da nauyin takardar haihuwarta a matsayin shaida. Maganar da kowa ke ɗauka, wadda Mai Shari'a Rhodes-Vivour ya ce al'adar Ibo mai hana 'ya mace gādon mahaifinta ta saɓa wa sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999, gajera ce. Kuma mutumin ya rasu ne ƙarƙashin Tsarin Mulkin 1979, inda sashe na 39 ne ya hana wariya. Daga nan kaɗai matsaya ta fito: sakamakon daidai ne, amma kotu ta gina babbar ƙa'ida da taƙaitaccen bayani, ta bar iyakarta a buɗe. Wannan jimla ce da wani zai iya musantawa. Ita ake sa wa a sakin layi na farko, sauran rubutun duk hidimarta yake yi.

Na yi niyyar ba ku, ɗaliban lauya, shawarwari da yawa, amma ba sa wuce waɗannan. Labarin shari'ar kada ya ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na rubutun, kuma abin da matsayarka ke buƙata kawai za ka kawo. Sannan ka nemo hujja mafi ƙarfi da za a kā da kai da ita, ka kawo ta da kanka. Idan ka ce Ukeje ta shafi rabon gādon Musulunci, to shari'ar Alkamawa da Bello ta 1998 tana jiranka, inda Kotun Ƙoli ta ce shari'ar Musulunci ba dokar al'ada ba ce. Wani kuma zai ce maka sashe na 42 "kowace doka" ya ambata. Ka zaɓi ɓangare, ka amsa ɗayan.

Na ce ku rage taƙaitawa, amma ku fara iya ta tukuna. 'Yan yanzu taƙaitaccen bayanin da ke saman rahoto kuke karantawa a waya, ko hukuncin ba ku buɗe ba, sai ku hau sukar alƙali kamar kuna majalisar mai shayi. Wanda bai san tambayoyin da aka ɗora wa kotu ba, gara ma ya kwafe irin nawa. Kuma "hukuncin bai yi adalci ba" ba suka ba ce. Nuna mini sakin layin da hujja ta tsinke, ko tsohon hukuncin da aka tsallake ba a ambata ba. In ba ka samu ba, ka yarda da kotu, amma ka kawo dalilin da ita kanta ba ta kawo ba.