Daga Sakkwato zuwa Tawa: layin da aka ja saboda rijiyoyi

Ɗaurin auren 'yar Kawu ne ya kai ni Tawa, kuma tun da na dawo ban daina ba mutane labarin abin da na jiyo a zaurensa ba. Hanyar Sakkwato zuwa Illela ba ta da wani labari. Abin ya fara ne bayan mun tsallaka iyaka. A wani shinge wani mai kaki ya karɓi katina, ya juya shi gaba da baya, ya ce da ni: "Kai baƙo, mi ya kawo ka ƙasarmu?" Da Hausa ya faɗa, irin wadda kakata take yi. Ya tsayar da ni a rana har sai da direba ya je ya ba shi haƙuri. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin mahaifiyata 'yar Adar ce, kuma kaburburan iyayenta suna gaba kaɗan da inda yake kira na baƙo.

A Ƙwanni na yi canji. Wanda ke rayuwa da naira ya san yadda zuciya ke yi idan ya miƙa damin kuɗi aka ba shi 'yan takardun sefa da ba su cika tafin hannu ba. Amma na yaba wa 'yan kasuwar can: ba sa saurin fushi a ciniki. Na taya kilishi ƙasa ƙwarai, mai shi ya ce albarka cikin fara'a, ya yanko ɗanɗano ya ba ni, muka daidaita a jika biyu. A gida da an yi mini kallon banza. Man fetur kuwa na kwalba yana nan jere a bakin hanya, kowa ya san ta inda ya shigo. Daga Tsarnawa muka yi arewa, muka wuce Badagishiri, muka isa Tawa bayan la'asar.

Kawu tsohon mushen lakwal ne, ya koyar da tarihi har ya yi ritaya. Ya yanka mini akuya, ya sa aka kawo fura da nono da cuku, ya hana ni taɓa aljihuna ko sau ɗaya. Da dare na ba shi labarin mai kakin. Bai ce komai ba, sai ya shiga ɗaki ya fito da tsohuwar taswira ta makaranta, da ƙusa, da zare. Ya shimfiɗa taswirar a tabarma, ya kafa ƙusar a kan Sakkwato, ya auna zaren da ma'aunin da ke gefen taswirar har ya kai kilomita 161, wato mil 100. Ya ce: "Ɗana, riƙe fitila ka gani."

Ya ja bakin zaren ya kewaya ta arewa. Zaren ya haɗiye Ƙwanni, ya haɗiye Madawa, ya zo ya gitta dab da Badagishiri inda muka tsaya sallah da rana. Tawa ta rage a waje, tazarar kamar kilomita 40. Kawu ya ce wannan ita ce iyakar da Ingila da Faransa suka sa wa hannu a Paris ran 14 ga Yuni 1898. Layin ya biyo kwarin Dallol Mawuri, ya hau wannan da'ira da ke kewaye da Sakkwato, ya sauka a layin digiri 14, ya miƙe gabas mil 70, sannan ya karyo kudu. Ya nuna mini da yatsa cewa har Maraɗi ta faɗa ɓangaren Ingila. Ashe da wannan yarjejeniya ta tsaya, shingen da aka tsayar da ni da cikin Najeriya yake.

Na ce masa ni dai abin da aka koya mana shi ne a taron Berlin aka yanka Afirka. Ya ce an taƙaita mana labarin ne. Taron Berlin, daga Nuwamba 1884 zuwa Fabrairu 1885, ƙasashe 14 ne suka zauna ba ɗan Afirka ko ɗaya, suka yi ƙa'idojin zirga-zirga a kogin Kwango da kogin Kwara da yadda mai da'awar gaɓar teku zai sanar da sauran. Ba a can aka ja layin da ya raba mu ba. Namu layin an fara shi ne ran 5 ga Agusta 1890, lokacin da Ingila da Faransa suka ce iyakarsu za ta tashi daga Sayi a bakin Kwara ta tafi Barruwa a bakin tafkin Chadi, a kuma lanƙwasa ta yadda duk abin da yake na daular Sakkwato zai zauna a hannun kamfanin Ingila na Neja. Matsalar ita ce babu wanda ya san inda daular ta ƙare a cikin masu sa hannun. Firayim ministan Ingila na lokacin, Lord Salisbury, da bakinsa ya ce suna raba wa juna duwatsu da koguna da tafkuna alhali ba su san takamaiman inda suke ba. A wannan shekarar ta 1890 Sarkin Musulmi yana kan gadonsa. Sai a 1903 sojan Ingila suka ci Kano da Sakkwato. An raba ƙasar a takarda shekara goma sha uku kafin a ci ta da yaƙi.

Faransa ta tura wani hafsanta, Monteil, ya bi ta Sayi da Sakkwato da Kano har Kukawa tsakanin 1890 da 1892, ya koma yana cewa ƙasashe da dama a wannan tsakanin ba sa bin Sakkwato. Daga nan gardama ta tashi, ita ce aka kashe da da'irar 1898. Masu zanen sun zaɓi mil 100 ne kawai, ba don wani gari ko kwari ya tsaya a nan ba.

A nan ne Kawu ya gyara zama, domin nan ne abin ya shafi garinsa. Faransa tana son hanya daga bakin Kwara zuwa Damagaram, daga can zuwa Chadi. Da'irar ta kwashe hanyar kudu mai garuruwa da ruwa, ta bar musu sai su yi arewa ta Filinge da Tawa, su kewaye da'irar kafin su karyo gabas. A taswira kewayen ba wani abu ba ne. A ƙasa kuwa, da rani, tafiya ce mai tsawo tsakanin rijiya da rijiya, ga ayarin soja da dabbobi da 'yan dako duk suna son ruwa. Ya ce: "Wanda bai taɓa jan guga a Adar ba, ba zai gane abin da ya tada hankalin Faransawa ba." Tun a 1899 rundunar Voulet da Chanoine ba ta kula da layin ba: ta ratsa ta kudu, ta ƙone garuruwa, ta yi kisan gilla a Birnin Ƙwanni, garin da a takarda yake ɓangaren Ingila. Layin bai kare mutanen garin da komai ba.

Gyaran ya zo ran 8 ga Afrilu 1904, a cikin babban sulhun da ƙasashen biyu suka yi. Abin da ya fi ba ni mamaki a duk daren shi ne farashin. Faransa tana da wani tsohon haƙƙi na kamun kifi da shanya shi a gaɓar Newfoundland, can gefen Kanada. Ta saki wannan haƙƙin, aka biya ta da tsibiran Los da ke gaban Konakiri, da wani yanki a kogin Gambiya, da kuma turo iyakarmu kudu domin ta sami hanya mai ruwa zuwa Damagaram. Haka Madawa da Maraɗi suka koma hannun Faransa, Ƙwanni kuwa sai a gyaran 1906. Na daɗe ina juya wannan a raina: dangin mahaifiyata sun tashi da Faransanci da sefa, ni na tashi da Ingilishi da naira, kuma cikin dalilan har da kifin wani teku da babu ɗayanmu da ya taɓa gani.

An ƙara daidaita layin a London a 1906, sannan Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi shi a ƙasa daga 1906 zuwa 1908, suna kafa alamomi 148 daga Kwara zuwa Chadi. Kawu mutum ne mai adalci, bai yarda na ce duk layin zanen makaho ne ba. Ya ce yarjejeniyar 1904 ta ambaci a duba sarautun da ke ƙasa, kuma a wajen Maraɗi da Damagaram iyakar ta bi wata tsohuwar baraka, domin Katsinawan Maraɗi da Gobirawan Tsibiri sun shekara suna yaƙi da daular. Amma a nan yamma hanya da rijiyoyi aka bi. Shi ya sa Maratta, inda aka haifi Shehu Usmanu a 1754, take cikin Nijar yau, hubbarensa kuma yana Sakkwato.

Na tambaye shi me ya hana a goge layin bayan 1960. Ya ce shugabannin Afirka sun zauna a Alƙahira a 1964 suka amince kowace ƙasa ta riƙe iyakar da ta gada, don gudun kada kowa ya tashi da da'awarsa a yi ta yaƙi. Na fahimci hujjar, kuma gaskiya ne Nijar da Najeriya ba su taɓa yaƙi a kan wannan iyaka mai kusan kilomita 1,500 ba. Sai dai talaka ne ke biyan kuɗin zaman ta. Da Najeriya ta rufe iyaka a Agusta 2019 har zuwa Disamba 2020, da kuma takunkumin da ya biyo juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, masu albasar Galmi da dillalan dabbobi da marasa lafiya masu zuwa asibiti Sakkwato su suka ji a jikinsu. Matar Kawu ta ce a lokacin an yi rasuwa a danginmu na Gwadabawa, ba ta sami zuwa gaisuwa ba sai bayan watanni.

An ɗaura aure lafiya, an yi kiɗa, an ci an sha. Daga nan na wuce Yamai ta Dogon Dutsi da Doso. Kuɗin masauki a can ya yi mini tsada, amma gasasshen kifin bakin kogi ya cancanci kuɗinsa. Na so in ƙarasa Sayi in ga garin da aka fara ɗaura layin a kansa, abokan tafiya suka ce hanyar ba ta da tsaro yanzu, na haƙura. A mota wani ɗan Gaya ya ba ni labarin tsibirin Lete, wanda Nijar da Benin suka yi ta jayayya a kansa har kotun duniya ta ba Nijar a 2005, kuma da takardun gwamnonin Faransa aka yanke hukuncin. Na dawo ta Ƙwanni ranar Laraba, kasuwa ta cika, rabin masu ciniki mutanen Illela ne.