Kafin na saki albashin watan jiya

Ranar 24 ga wata ina ofis a nan Gusau, takardar albashi na gabana, saura sa hannu kawai. Al'adata ce in ɗora jimillar wannan wata a kan ta watan da ya wuce kafin komai ya tafi banki. Wancan watan miliyan 8 da dubu 400, wannan kuma miliyan 8 da dubu 760. Ƙarin dubu 360.

Ƙari ba laifi ba ne, muddin yana da uba. Na san mun ɗauki direbobi biyu, kowanne dubu 90, ka ga dubu 180 ta samu gida. Ƙarin girman mutum ɗaya ya ci dubu 30. Saura dubu 150 fa?

Na ƙirga kawuna. Da muna da 61, da sababbi biyu ya kamata mu zama 63, kuma 63 ɗin na gani. Ke nan matsalar ba ta sunan bogi ba ce, tana cikin alawus. Sai na jera takardun biyu, ina bi suna bayan suna da rula, shayina har ya huce. Ashe ariyas ɗin da muka biya mutum uku wancan watan ne, dubu 50 kowanne, da yaron ofis ya kwafo shafin bai goge ba, ya kuma sake shigar da shi daga takardar amincewa.

Nan gabana ya faɗi, don ariyas ɗin bai kamata ma ya fito ba. Sau biyu ya shiga, amma bambancin jimilla ya nuna min rabi kawai, tunda jimillar wancan watan ma da dubu 150 ɗin a cikinta. Dubu 300 muka cire. Da sun shiga asusun mutane, sai dai a yi ta yanka a albashinsu, ana harararka a masallacin ofis.