Babban sharaɗi da garanti: abin da cinikin riɗi ya koya mini

A aikina na lauya a Kano, wani ɗan kasuwa ya kawo mini takardar cinikin farin riɗi buhu 200 da ya saya a Dawanau, kowane buhu naira 100,000, yana neman a mayar wa mai kaya kayansa. Takardar ta ce riɗin zai zo daidai da samfurin da aka nuna masa, kuma a cikin sababbin buhuna. Da na zura hannu cikin buhu ɗaya, sai na ɗebo shi gauraye da yashi da baƙin riɗi, buhunan kuma tsofaffi ne masu faci.

Na fara da raba alkawuran biyu, domin Dokar Sayar da Kaya ta 1893, wadda Najeriya ta gada daga Ingila, ba ta ɗauke su daidai ba. Babban sharaɗi shi ne wanda cinikin ya tsaya a kansa, idan aka saɓa shi mai saye yana da ikon ƙin karɓar kaya, ya fasa ciniki, ya karɓi kuɗinsa. Garanti kuwa alkawari ne na gefe, wanda saɓa shi ba ya jawo komai sai diyya. Dacewar kaya da samfuri babban sharaɗi ne a sashe na 15, amma batun buhuna, a fahimtata, garanti ne, tun da riɗin zai juye a injin tacewa, ba da buhun zai sayar ba. Da a ce takardar ta nuna cewa a buhunan za a fitar da shi ƙasar waje, da hukuncin zai iya sauyawa, domin sashe na 11 ya ce manufar yarjejeniyar ake dubawa, ba sunan da aka laƙaba wa alkawarin ba.

Sai na tambaye shi, "Alhaji, me aka yi da kayan tun da aka sauke su?" Ya ce bayan ya ga yashin ya sayar da buhu 50. Wannan amsa ta sosa mini rai, domin a sashe na 35, wanda ya yi wa kaya abin da mai su kaɗai ke yi, ko ya riƙe su fiye da ƙima bai ce ya ƙi ba, ya riga ya karɓa. Tun da cinikin dunƙule yake, an kawo kayan gaba ɗaya a kan jimillar kuɗi ɗaya, karɓar ta sa dole a ɗauki saɓa babban sharaɗin a matsayin saɓa garanti.

Saboda haka muka nemi diyya bisa sashe na 53, wato bambancin darajar abin da aka kawo da ta abin da aka yi alkawari. Dillalai sun yi wa kowane buhu na gaurayayyen riɗin kuɗi naira 85,000, ragin ya zama naira 15,000 sau 200, wato naira miliyan 3, aka cire daga cikon kuɗin da mai kaya yake bin sa. Tun daga nan, duk takardar da zan rubuta sai na bayyana alkawarin da saɓa shi ke halatta mayar da kaya, tare da wa'adin dubawa, in kuma gargaɗi mai saye kada ya sayar da ko mudu ɗaya kafin ya aika da takardar ƙin karɓa.