Kada Ranar Miƙa Aiki Ta Zaɓa Muku Abin da Za Ku Karanta

A shekarar da kwasa-kwasai suka fi yi mini yawa, aikin da wa'adinsa ya fi kusa shi nake kamawa, in zauna ina ta gyara shi har ranar miƙawa. Sakamakon ya nuna mini cewa na ƙare ƙarfina a kan ƙananan maki, na shiga babbar jarrabawa da rabin shiri. Ƙannena, ba na so ku bi wannan hanya.

Ku fara da nauyi, wato ku ninka yunit ɗin kwas da makin da aikin yake ɗauke da shi cikin ɗari. A ce ɗalibi yana da aikin gida mai maki 10 a kwas mai yunit 2, saura kwana 2. Da gwaji mai maki 30 a kwas mai yunit 3, saura kwana 5. Da kuma jarrabawa mai maki 60 a kwas mai yunit 4, saura kwana 10. Nauyinsu zai zama 20 da 90 da 240, ke nan jarrabawar da ta fi nisa ta ninka aikin gidan sau 12.

Wahala kuwa da sa'o'i ake auna ta, kuma a nan zuciya take yawan yaudarar mutum, domin abin da ya saba gani a littafi yakan ɗauka ya iya shi. Ku rufe littafin, ku gwada amsa tsofaffin tambayoyi kuna duba agogo, wuraren da kuka cije su ne za su nuna muku yawan lokacin da kwas ɗin yake bukata.

A ce ɗalibin nan ya gano aikin gida zai ci sa'a 3, gwaji sa'a 8, jarrabawa kuma sa'a 24, alhali sa'a 4 kawai yake samu a rana. Idan ya jira har ya gama da gwajin kafin ya taɓa babban kwas ɗin, kwana 5 ne za su rage masa, wato sa'a 20, waɗanda ba za su isa ba ko da bai yi fashi ba. Saboda haka a kwanaki biyar na farko ya kamata ya ba aikin gida sa'a 3 ba tare da ƙari ba, ya miƙa shi ko da bai kai yadda yake so ba, ya ba gwaji sa'a 8, sannan sa'a 9 da suka rage su tafi ga jarrabawar tun daga ranar farko. Ta haka zai shiga kwanakin ƙarshe da rarar sa'a 5, wadda rashin lafiya ko wani darasi mai tauri zai iya cinyewa.

Akwai inda nake ajiye wannan lissafi. Kwas ɗin da kuke dab da faɗuwa a cikinsa, musamman idan sai an ci shi ake ɗaukar na gaba, shi ne a sahun farko ko da yunit ɗinsa kaɗan ne, domin maimaita shi zai ƙara wa zango mai zuwa nauyi, wani lokaci ma ya jinkirta kammala karatu.